Yadda ake kwatanta wa mai gyara matsalar kwamfuta har ya warware ta da amsa guda

Da yawa daga cikinmu nan Maraɗi, wanda ya fi sanin kwamfutarmu ba ya kusa. Ko dai wanda ya sayar mana da ita yana Yamai, ko sashen kula da na'urori na ma'aikatarmu yana can, ko kuma wani masani ne a Kano da ake tura wa saƙo. Mutumin nan ba ya ganin allonka, ba ya jin ƙarar fankarka, ba zai iya sa hannu ya ji zafinta ba. Abin da ka rubuta masa shi ne duk abin da yake da shi. In ka ce masa "kwamfutata ta lalace", dole ya mayar maka da tambaya, kai kuma ka amsa bayan la'asar, shi ya gani gobe da safe, ya sake wata tambayar. Haka kwana uku ke wucewa aiki na tsaye. Na daɗe ina amsa irin waɗannan saƙonni, ina kuma taya mutane rubuta su, kuma kusan kullum minti talatin na shiri kafin a tura saƙo yana maye gurbin kwanakin nan.

Zan bi da kai ta misali guda daga farko har ƙarshe, wato kwamfutar hannu mai ɗaukewa da kanta ana cikin aiki, don ita ce ta fi yawan zuwa mana lokacin zafi. Hanyar kuwa ɗaya ce ko da firinta ce ta ƙi aiki ko intanet.

Abin da za ka tanada

Wayar da kyamararta ke ɗaukar rubutu ya karantu. Takarda da abin rubutu. Agogo, ko na wayar ma ya isa. Cajar kwamfutar, domin za a karanta rubutun da ke jikinta. Takardar saye in akwai garanti. Sai kuma kile ko wani abin ajiya da za ka kwashe muhimman takardunka a ciki. Wannan na ƙarshen kada ka yi wasa da shi: kwamfutar da ke ɗaukewa babu shiri tana iya ɓata fayil ɗin da ke buɗe, saboda haka kafin ka fara kowane gwaji, kwashe aikinka tukuna.

1. Ka tsaya ka ga ainihin abin da take yi

Wani matashi mai shagon buga takardu kusa da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya nuna mini saƙon da ya tura wa wanda ya sayar masa da kwamfuta a Yamai. Ga shi kamar yadda yake: "Salam Malam, kwamfutar nan tana mutuwa kullum, ina ganin birus ne, ko in yi mata foma?" Lokacin ɗalibai na ta kawo kundin kammala karatu, kowa na jiran nasa. Amsar da ya samu bayan awa biyar ita ce: "Ta yaya take mutuwa?"

Tambayar tana kan hanya, domin abubuwa daban-daban ne mutane ke kira da wannan sunan, kuma kowanne da inda yake nuni. Akwai wadda allonta kawai ke yin baƙi amma fitilar maɓallin kunnawa na nan a kunne, fanka na juyawa. Akwai wadda ke daskarewa, hoto na nan amma babu abin da ke motsi. Akwai wadda ke nuna shuɗin allo da rubutu, sannan ta sake tashi da kanta. Akwai kuma wadda ke ɗaukewa ɗif, fitilu su mutu, fanka ta yi shiru, sai ka danna maɓalli da hannunka. Ta farko sau da yawa matsalar allo ce ko ta barci. Shuɗin allo yakan kai mai gyara wajen manhaja ko ma'ajiyar wucin gadi ko faifan ajiya. Ɗaukewa ɗif kuwa yawanci maganar wuta ce ko zafi.

Saboda haka in ta sake yi, kada ka yi saurin danna komai. Duba fitilu. Kasa kunne ka ji fanka. In kana shakkar ko daskarewa ta yi, danna maɓallin manyan baƙaƙe, wanda ke ɗauke da `Caps Lock` ko `Verr Maj` ko hoton kwaɗo: in ƴar fitilarsa na kunnuwa tana mutuwa, kwamfutar na da rai. Rubuta abin da ka gani nan take, domin bayan awa guda za ka fara tuna abin da kake zato maimakon abin da ya faru.

Ta wannan matashin ɗif take ɗaukewa, babu shuɗin allo, babu wani rubutu.

2. Ka nemo lokacin da take yi da lokacin da ba ta yi

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne mutane suka fi tsallakewa. "Kullum" ba ta gaya wa mai gyara komai. Abin da yake nema shi ne bambanci: a wane hali take ɗaukewa, a wane hali take lafiya. Ɗauki takardarka ka yi gwaji, amma da sharaɗi guda, kowane gwaji abu ɗaya tak za ka canza. In ka canza caja da wurin zama da manhaja lokaci guda sai matsalar ta tafi, ba ka san wanne ya kore ta ba, shi ma ba zai sani ba.

Mun yi da shi kamar haka. Ya kunna ta ƙarfe biyu na rana tana jone da caja, yana aikinsa na yau da kullum. Ta ɗauke bayan minti 25. Ya sake kunna ta nan take, ba ta kai minti biyar ba ta sake ɗaukewa. Ya bar ta ta huta rabin awa, sai ta yi kusan minti 20. Wannan kaɗai magana ce babba, domin batir da caja ba su cika damuwa da hutu irin wannan ba, amma abin da ya yi zafi yana buƙatar ya huce.

Daga nan ya cire caja ya bar ta kan batir kaɗai. Ta sake ɗaukewa alhali batir na nuna kashi 70. Washegari bayan sallar asuba ya kunna ta, ta yi sama da awa biyu lafiya lau. Sai na ce ya sa tafin hannunsa daidai ramukan da iska ke fita a gefe lokacin da fanka ke ihu. Ya ce ƙara ta cika shago, amma iskar da ke fitowa ƴar kaɗan ce, mai zafi, da ƙyar take motsa guntun takarda. Wannan ma ya shiga rubutu. Fanka mai ƙara babu iska daban take da fankar da ba ta juyawa sam, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

In matsalarka ba ta da tsayayyen lokaci, tana zuwa sau ɗaya a kwana biyu ko uku, kada ka matsa sai ka tilasta ta. Ajiye takarda kusa, duk lokacin da ta yi ka rubuta rana da ƙarfe nawa da abin da ke buɗe. Layi uku ko huɗu irin wannan sun wadatar. Ka lura kuma ko abin na dacewa da ɗaukewar wuta ko komawa kan injin wuta, don wannan na faruwa da yawa ga manyan kwamfutocin tebur marasa batir.

3. Ka tuna abin da ya canza kafin ta fara

Tambayi kanka ranar ƙarshe da ta yi aiki lafiya, da abin da ya shiga tsakani. An sa sabuwar manhaja? An jona sabuwar firinta? An sayi wata caja a kasuwa bayan ta asali ta ƙone? Ta faɗi, ko ruwa ko shayi ya zube mata? Wani ya buɗe ta? Ka faɗi gaskiya ko da kana jin nauyi. Mai gyara zai gano daga baya, amma bayan ya ɓata kwana yana nema inda ba nan ba ne.

In babu abin da ka canza, ka rubuta hakan, shi ma bayani ne. Sai dai ka leƙa `Windows Update` ka duba tarihin sabuntawa, domin tana iya sabunta kanta ba ka sani ba. In akwai wanda ya shiga daf da ranar da matsala ta fara, kwafi lambarsa mai farawa da `KB`. Shi wannan matashi bai canza komai ba. Abin da ya tuna shi ne matsalar ta fara a hankali cikin watan Maris, ta tsananta a Afrilu, kuma tun da ya saye ta ba a taɓa share cikinta ba. Duk wanda ya san ƙurar hunturun Maraɗi da zafin da ke biyo bayanta, har ya haura digiri 40, ya san darajar wannan jumlar.

4. Ka ɗauko sunanta na gaskiya

Sunan kamfani kaɗai bai isa ba, domin kamfani guda na da samfura barkatai. Wasu kwamfutocinmu da Faransanci suke, wasu da suka shigo ta Najeriya da Ingilishi, amma umarnin da ake bugawa iri ɗaya ne a duka biyun, shi ya sa na fi son su. Danna maɓallin `Windows` tare da `R`, ƙaramin akwati zai buɗe, ka buga ɗaya daga cikin waɗannan:

```
winver
msinfo32
```

Na farko zai nuna wace `Windows` ce da lambar zubinta, misali `22H2`. Na biyu zai nuna kamfani, samfuri, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da yawan `RAM`, wato ma'ajiyar wucin gadi. Ɗauki hoton shafin farko kawai. Lambar da ke bambanta kwamfutarka da sauran irinta tana kan takardar da ke manne a ƙarƙashinta, gefen `S/N`. Masu garanti ita suke fara nema. In takardar ta goge, buga `powershell` a akwatin nan, a tagar da za ta buɗe ka buga:

```
(Get-CimInstance Win32_BIOS).SerialNumber
```

Juya cajar kuma ka ɗauki hoton rubutun da ke bayanta, inda aka sa `V` da `A` da `W`. Cajar 45 W a kan kwamfutar da ke son 65 W na haifar da matsalolin da ake ɗora wa batir a banza.

In kwamfutar ba ta tashi ko kaɗan, hoton takardar ƙarƙashi da na caja sun isa. Sai ka ƙara da abin da fitilu ke yi in ka danna maɓalli: sau nawa suke ƙiftawa, da wane launi, ko akwai ƙara. Wannan ƙiftawar saƙo ce, kowane kamfani da ma'anar da ya ba ta, don haka ƙirga da kyau ko ka ɗauki bidiyo gajere.

5. Ka kawo shaidar da kwamfutar ta rubuta da kanta

Duk rubutun da ya fito a allo, a tura shi harafi da harafi. Kada ka fassara shi zuwa Hausa, kada ka taƙaita shi da "ta ce akwai kuskure". Mai gyara da ainihin kalmomin yake bincike. In ƙaramin akwatin gargaɗi ne, sau da yawa danna `Ctrl` da `C` yana kwafe rubutun duka. Don hoton allo, danna `Windows` da `Maj` da `S`, a maɓallan Ingilishi `Shift` ne a madadin `Maj`. In shuɗin allo ne, wanda ya koma baƙi a sababbin `Windows 11`, ɗauke shi da waya da sauri. Abin da ake so shi ne layin ƙasa mai manyan baƙaƙe, irin su `MEMORY_MANAGEMENT` ko `CRITICAL_PROCESS_DIED`, da sunan fayil mai ƙarewa da `.sys` in ya bayyana. Bayan ka ɗauka, buɗe hoton ka ƙara girmansa ka tabbata kai kanka kana iya karantawa. In ta `WhatsApp` za ka tura, tura shi a matsayin fayil, don kada a matse shi rubutu ya dushe.

Ɗaukewa ɗif ba ta barin rubutu a allo, amma tana barin sawu a ciki. A akwatin nan na `Windows` da `R` buga:

```
perfmon /rel
```

Za ka ga jadawalin ranaku, da jan alama a duk ranar da wani abu ya faɗi. Danna ranar ka ɗauki hoton jerin da ke ƙasa. Wanda ya ɗan saba zai iya buɗe `eventvwr` ya shiga kundin `Système` ko `System`, inda zai tarar da `Kernel-Power` mai lamba 41. Ga gargaɗi a nan: lamba 41 ba ta faɗin dalili. Abin da take cewa kawai shi ne kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba, ko cire wuta aka yi haka za ta rubuta. Amfaninta shi ne ta nuna sau nawa abin ya faru da kusan wane lokaci. Ka tura ta a matsayin shaida, kada ka gina hukunci a kanta.

Tun da ana iya zargin batir, buga `cmd` a akwatin nan, a tagar da za ta buɗe ka buga:

```
powercfg /batteryreport
```

Za ta gaya maka inda ta ajiye rahoton. Lambobi biyu ake nema a ciki: `DESIGN CAPACITY`, wato ƙarfinsa yana sabo, da `FULL CHARGE CAPACITY`, wato abin da yake iya ɗauka yanzu. Nasa ya nuna 41 000 da 35 000. Batirin ya ɗan tsufa amma da sauransa.

6. Ka rubuta saƙon

Saƙo guda, a rubuce. Saƙon murya na minti huɗu yana da daɗin yi, amma mai gyara ba zai iya kwafar lamba daga cikinsa ba, ba zai iya tura wa abokin aikinsa layi guda ba. In rubutu na ba ka wuya, yi murya gajera, amma lambobi da hotuna su tafi daban. Gaisuwa wajibi ce a wurinmu, sai dai ka haɗa ta da bayanin a saƙo ɗaya. Kada ka tura sallama ka zauna jiran a amsa kafin ka faɗi abin da ya kawo ka. In ta imel ne, kan saƙon ya ɗauki matsalar kanta, kamar "Kwamfutar hannu na ɗaukewa bayan minti 25 da rana", ba "Gaggawa" ba. Ga abin da ya tura a karo na biyu:

"Assalamu alaikum Malam, ina wuni, ya aiki? Maganar kwamfutar hannu ce da na saya wurinku bara. Hoton samfuri da lambarta da na caja suna haɗe. `Windows 10` ce, `22H2`.

Tana ɗaukewa ɗif ina cikin aiki: fitilu su mutu, fanka ta yi shiru, babu shuɗin allo, babu rubutu, sai na kunna da hannu. Da rana bayan minti 25 take yi. In na kunna nan take ba ta kai minti 5. In ta huta rabin awa tana yin minti 20. Da asuba ta yi sama da awa 2 lafiya. Haka take yi a kan caja da kuma a kan batir kaɗai yana kashi 70. Kafin ta ɗauke fanka na ƙara sosai, amma iska kaɗan ke fita, kuma gefen hagu na zafi.

Ta fara a Maris, ta ƙaru a Afrilu. Ban sa sabuwar manhaja ba, cajar asali ce, ba ta faɗi ba, ba a taɓa buɗe ta ba. Rahoton batir: 41 000 da 35 000. Hoton `perfmon /rel` na haɗe. Na kwashe takarduna a kile.

Abin da nake son sani: gyaran da za a iya yi nan Maraɗi ne, ko sai na aiko ta? In an buɗe ta nan, garanti zai faɗi? Ina da aikin ɗalibai da zan miƙa ranar Alhamis. Na gode, Allah ya saka da alheri."

Ka lura bai sake ambaton birus ba. In kana da zato, ba laifi ka faɗa, amma a layin ƙarshe, ka kuma ce zato ne. In ka sa shi a gaba, mai gyara mai gaggawa zai bi zatonka, ya ce ka yi foma, ka rasa yini guda kana mayar da manhajoji, matsalar kuma na nan. Ka lura kuma da tambayar ƙarshe. Mutane da yawa na kwatanta matsala da kyau su manta su faɗi abin da suke so a yi musu, sai amsa ta zo daidai amma ba ta amfane su ba. In sashen da kake rubuta wa da Faransanci suke aiki, jerin nan dai za ka bi.

Amsa guda ta zo masa. Zafi ne: ƙura ta toshe ƙarafan da iska ke bi, furosesa na kai iyakar zafinta, wadda a yawancinsu ke kusa da digiri 100, sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Kada ya yi foma, kada ya sayi batir, kada ya ɗora ta a mota ta yi tafiyar sama da kilomita 600. Garantin ya riga ya ƙare, don haka ya kai wa mai gyara na gari ya share fanka ya sake man da ake shafawa kan furosesa. Kafin nan ya ɗaga bayanta daga tebur, ya yi aiki mai nauyi da safe. Da aka buɗe ta, ƙurar da ke bayan fanka ta dunƙule ta zama shimfiɗa guda, aka ɗago ta ɗungum da ɗan tsinke.

7. Abin da ba a turawa, da abin da za ka yi in an amsa

Kafin ka tura kowane hoto, dube shi da idon baƙo. Rufe takardun mutane da ke buɗe, sunaye, lambobin waya, bayanan kuɗi. Kalmar sirri ba ta shiga saƙo, haka lambar da ake turo maka a waya don tabbatarwa, haka mabuɗin `BitLocker` mai lambobi 48 da ke buɗe faifan ajiyar da aka kulle. Mai gyara na gaskiya ba ya buƙatar su don ya gane matsala. In wani ya kira ka haka kawai ya ce kwamfutarka na da matsala, ka sa manhajar da zai shiga daga nesa, kashe wayar. Irin wannan shiga sai ga wanda kai ka neme shi, ka san shi, kuma kana zaune kana kallon abin da yake yi.

In amsa ta zo da matakai, bi su ɗaya bayan ɗaya yadda aka jera. In ka maƙale a na uku, kada ka ce "bai yi ba". Ce "na yi na ɗaya da na biyu, a na uku ga abin da ya fito", ka haɗa hoto. Ka amsa a cikin zaren saƙon farko, in kuma an ba ka lambar ƙorafi ka riƙa sa ta, don wanda zai karɓi maganar gobe yana iya zama wani daban. Bayan gyara kuma ka sake gwajin nan na mataki na biyu a halin da ta saba ɗaukewa: ƙarfe biyu na rana, a kan caja, da irin aikin da ka saba, har ta wuce awa guda. In ta wuce, sai ka sanar da shi ya rufe maganar.